Kyanwata nake so ta zama tambarin turarena, amma kullum wata kyanwar ce ke fitowa

Maman Hanifa: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah masu ilimin zane ku taimaka mini. Ina haɗa turaren wuta da humra a gida nan Zariya, shekara uku ke nan, har yanzu farar sitika nake mannawa in rubuta suna da biro. Ina da kyanwa, sunanta Kwalli, fara ce sol sai baƙin tabo da ya zagaye mata ido ɗaya kamar an rambaɗa mata kwalli, kuma kunnenta guda yana da 'yar tsaga tun tana ƙarama. Ga hotonta nan na turo muku. Duk matar da ta zo sayen turare sai ta tambaye ta, domin a gefen kasko take kwanciya. Shi ne na ce bari ta zama tambarina. Na ɗora hotonta a ChatGPT na rubuta wannan:

```
Turn my cat into a beautiful cartoon logo for my perfume business, 4K, very detailed
```

Sau shida ina gwadawa. Hotunan suna da kyau wallahi, amma ba Kwalli ba ce. Wani ya ba ta tabo a ido biyu, wani ya gyara kunnen ya zama lafiyayye, wani ya cika wurin da furanni da kwalaben turaren Turawa. Na ce a rubuta "Ƙamshi" a ƙasa, ƙugiyar Ƙ ta ɓace. Ina kuskuren yake?

Nura: Wa alaikumus salam Hajiya. Umarnin ne ya yi gajere. Ki ƙara masa bayani sosai, ki sa `8K, ultra realistic, highly detailed fur, cinematic lighting`. Ni da su nake aiki, hotuna suna fita tamkar a taɓa.

Ummi: Kai, masha Allah, wannan mage akwai kyau. Anti idan ta haihu don Allah ina kamun ɗa guda. Amma me zai hana ki manna ainihin hoton nata a kwalbar kawai? Ai ya fi kowane katun kama da ita.

Sadiq Mai Zane: Wa alaikumus salam Anti. Nura ya yi gaskiya a rabin farko, umarnin ya yi gajere. Amma kalmomin da ya ba ki za su ƙara nisanta ki da abin da kike nema, domin su na fosta ne. Suna sa a zana kowane silin gashi, da inuwa, da ƙyallin ido. Tambari kuwa ragewa ake yi har sai abin da ba a iya cirewa ya saura.

Kin riga kin faɗi abin da ya sa Kwalli ta zama Kwalli, a saƙonki na farko: fara ce, tabo a ido ɗaya, tsaga a kunne. Abu uku. Amma ko ɗaya ba ki rubuta a umarnin ba, kin bar wa hoton ya yi magana. Manhajar ba ta kwafe hoton da aka ba ta layi bayan layi, sabon zane take yi, tana jingina da dubban kyanwoyin katun da aka horar da ita a kansu. Mafi yawansu fuskarsu daidai take hagu da dama, kunnuwa lafiya lau. Saboda haka duk abin da ya karkace a fuskar taki sai ta ɗauke shi a matsayin abin gyarawa, in dai ba a ce mata da gangan yake ba. Shi ya sa tabon ya koma biyu, kunnen ya warke.

Kalmar `perfume` kuma ita ta jawo miki furanni da kwalabe. Ki cire ta gaba ɗaya tukuna. Gwada wannan:

```
Use the attached photo as reference. Draw this cat as a simple flat mascot, head and shoulders, facing front.
Keep exactly: white fur, one black patch around the eye on the viewer's left only, a small notch in the opposite ear.
Thick even outlines. Three flat colours: black, white, deep maroon.
No gradients, no shadows, no fur texture, no text. Plain white background.
```

Ki duba hoton, idan tabon a hannun damanki yake yayin da kike kallo, ki mayar da `left` ya zama `right`.

Maman Hanifa: Na gode ƙanena, Allah ya saka da alheri. Tabon a idonta na dama yake. To in sa `right` ke nan?

Sadiq Mai Zane: A'a Anti, a nan ake yawan faɗawa rami. Idonta na dama, idan tana fuskantarki, a hagunki yake. Shi ya sa na rubuta `viewer's left`, wato hagun mai kallo. In kika ce idon dama kawai, manhajar ba ta san daman wa kike nufi ba, wani lokaci ta bi na kyanwar, wani lokaci ta bi naki. Sannan in da kyamarar gaba aka ɗauki hoton, wasu wayoyin juya shi suke yi kamar madubi. Ki riƙe wayar kusa da Kwalli ki gwada su ido da ido kafin ki yarda da hoton.

Wane hoton ma kika ɗora? Wanda kika turo mana nan tana kwance ne, rabin fuskar a inuwa, ga hannun yarinya a wuyanta.

Maman Hanifa: Shi ne kuwa. Daga sitatus ɗin Hanifa na ɗauko shi.

Sadiq Mai Zane: To a sake ɗauka. Hoton da ya bi ta sitatus an riga an matse shi, tsagar kunnen ma da ƙyar nake ganinta. Da safe, a bakin ƙofa inda haske yake amma rana ba ta dukanta kai tsaye, ki durƙusa wayar ta yi daidai da idonta, ba daga sama ba. Kar ki kunna fitilar kyamara. Kunnuwa biyu su fito duka. Wani ya kaɗa mata zare a bayan wayar don ta kalli gaba. Ki ɗauki kamar goma ki zaɓi ɗaya. Kuma ki yanke duk wani mutum daga hoton kafin ki ɗora, musamman yara. Babu dalilin tura fuskar 'yarki wa kamfanin da ba ki san inda zai ajiye ta ba.

Nura: Ni fa ban yarda cewa yawan ado yana ɓata logo ba. Ku duba shafukan masu sayar da kaya a Instagram, logo masu ƙyalli da ruwan zinare su suka fi jan ido. Mai saye da ido yake fara saye.

Baba Iro: Nura ɗana, a waya suke jan ido. Ni shekarata ashirin da wani abu ina aikin ɗab'i a Kano, kuma a 'yan shekarun nan kusan kullum sai an kawo mini irin waɗannan hotunan. Allon waya haske yake fitarwa, takarda kuwa tawada take sha, launi huɗu muke haɗawa, CMYK. Ruwan zinaren da kake gani yana walƙiya a waya, idan ya sauka a sitika sai ya zama ruwan ƙasa mai duhu, sai dai in za a biya kuɗin foyil daban, wato takardar nan mai ƙyalli. Shuɗi mai haske da kore shar su ma dusashewa suke yi.

Hajiya, tambaya ɗaya zan yi miki wadda ba wanda ya yi: a kan me za a buga? Murfin kwalba? Leda? Kwali? Hatimi?

Maman Hanifa: Baba, sitika mai zagaye a murfin kwalbar turaren wuta, faɗinsa santimita 4 na auna. Sai ledar da nake saka kaya, in Allah ya hore. Sai kuma hoton WhatsApp na kasuwanci.

Baba Iro: Madalla. Sitikar ba matsala, injin dijital zai buga kowane launi. Ledar ce za ta yi miki hukunci. In da sikirin za a buga ta, wato a tura tawada ta cikin raga da aka ɗaure a firam, kowane launi da nasa firam, kuma kowane launi sai an bi ledar sau ɗaya. Launi uku aiki uku, kuɗi ya ƙaru, ga haɗarin wani ya zame daga kan wani. Yawancin masu ƙaramar sana'a launi ɗaya suke bugawa. Saboda haka tun yanzu ki tambayi kanki: in aka zuba wannan kyanwar da tawada ɗaya tak, za a gane ta? Launin da yake narkewa daga duhu zuwa haske ba ya fita da kyau a wannan aikin, ɗige-ɗige yake zama. Abin da Sadiq ya hana a umarninsa ke nan, kuma ya kyauta.

Amma akwai gyara a nasa ma. Ya ce farar kyanwa a kan farin bango. Ranar da za a cire bangon, in akwai 'yar kafa ko ɗaya a layin da ya zagaye ta, farin jikinta zai tafi tare da farin bayan, a bar ki da ido da tabo suna yawo. Na ga wannan da farar tattabara, na gani da farin rago.

Sadiq Mai Zane: Gaskiya ne Baba, wannan ya wuce ni. Anti, ki share jimlar ƙarshe, ki sa wannan a madadinta:

```
Place the cat inside a solid maroon circle, with clear space between the ears and the edge of the circle.
```

Ya ma fi dacewa, tunda murfin zagaye ne, hoton WhatsApp ma zagaye ake yanka shi. Kunnuwan kyanwa a sama suke ta kusurwa, su ne farkon abin da da'ira take cinyewa, kuma tsagar a can take.

Malam Habu Maraɗi: Salamu alaikum. Ina bin zancen nan da sha'awa. Ni kiwon tattabaru nake, ina sayar da 'yan shila. Na yi irin wannan da wani namijin da nake ji da shi, sai aka ba ni farar kurciya da reshe a baki. Ni kuma Turancin Ingilishi bai zauna mini ba, Faransanci muka yi a lakwal. Ba a iya rubuta umarnin da Hausa ne?

Nura: Ana iyawa mana Malam. Ni na sha rubuta wa ChatGPT da Gemini Hausa, suna ganewa.

Sadiq Mai Zane: Suna gane babban zancen, Malam Habu: tattabara, fari, baƙi, zagaye. Inda na ga suna tuntuɓe shi ne kalmomin sana'a. Sunayen launin tattabaru da ku masu kiwo kuke kira, ko "ruwan hanta", ko "ruwan goro", ba tabbas a fahimce su yadda kake nufi. In Faransanci ya fi maka sauƙi, yi da shi, suna jin sa sosai. Launi kuwa ka ba da lambarsa, ba ruwanta da yare, misali `#6B1E2E` ja ne mai duhu irin wanda na zaɓa wa Anti. Ba lallai ya fito daidai cif ba, amma zai kusanta, a ƙarasa gyarawa daga baya.

Matsalarka iri ɗaya ce da tata. Me ya bambanta namijin nan da sauran? Tukku ne a kai, ko gashi a ƙafa, ko wani zane a fiffike? Ka zaɓi biyu ka ambace su, ka kuma ce kada a sa masa komai a baki.

Malam Habu Maraɗi: Gashin ƙafa gare shi har ƙasa, kamar ya sa wando. To ni ke nan sai a zana shi duka jiki, ba kai kaɗai ba.

Sadiq Mai Zane: Haka ne, kuma ta gefe, ba ta gaba ba. Tsuntsu ta gefe ake gane shi.

Malam Tukur: Ku gafarce ni, zan kawo abin da ba a taɓo ba. Hajiya, kin yi tunani a kan hukuncin zana abu mai rai? Hadisai sun zo da tsoratarwa a kan masu yin surori, kuma turare abu ne da ake ajiyewa a ɗakin kwana, inda ake sallah. Ba fatawa nake bayarwa ba, tunatarwa ce tsakanin 'yan'uwa.

Maman Hanifa: Na gode Malam, kuma ban ji haushi ba ko kaɗan. Na yi tunanin. Na san malamai sun yi magana a kai kuma ba bakinsu ɗaya ba, musamman a kan abin da ba shi da jiki ko bai cika sura ba. Na bar wa maigida ya tambayar mini malaminsu.

Baba Iro: Ta fuskar kasuwa kawai zan ce wani abu, hukunci na masu shi ne. Ina da kwastomomin da ba sa yarda a buga musu komai mai ido, wasu sukan ce a bar fuskar babu komai a ciki. Akwai kuma waɗanda ba su damu ba. Ke kika san matan da suke saye a wurinki.

Sadiq Mai Zane: Akwai hanyar tsakiya ta ɓangaren zane, ko da ban san ko ta warware ta ɓangaren Malam ba: siffar kai da kunnuwa kawai, da tsagar, da baƙin tabon a gurbinsa, babu ido babu baki. Abin mamaki, ga Kwalli wannan zai iya aiki, domin alamominta ba a idon suke ba. Sai dai ya daina zama katun mai fara'a, ya koma alama.

Malam Tukur: Wannan ma sai a haɗa da shi cikin tambayar da za a kai wa malamin. Allah ya datar da mu.

Maman Hanifa: Amin. To ga labari. Da safen nan na sake hoton a bakin ƙofar kicin, Hanifa tana kaɗa mata igiyar caza. Na sa umarnin Sadiq da gyaran Baba. Na farko ya fito da tabon daidai, amma ba tsaga. Na biyu, wallahi sai da na kira yara, suna gani suka ce Kwalli! Tabon yana nan, tsagar tana nan, har yadda take ɗan karkatar da kai. Sai na ga gashin bakin ya yi yawa, na ce a rage. Aka rage, amma hancin ya canja. Na ce a mayar da hancin, sai idon ya ƙara girma. Yanzu ina kan na bakwai, ta fara komawa wata kyanwar, farin ma ya soma yin ɗorawa-ɗorawa.

Sadiq Mai Zane: Tsaya nan Anti, kar ki ƙara. Koma kan na biyun ki sauke shi yanzu, ki adana. Duk lokacin da kika nemi gyara, ba goge wuri ɗaya ake yi kamar da kilina ba, sau da yawa hoton duka ake sake zanawa, kowane zagaye kuma yana ɗan kaucewa daga na baya. Kaucewar tana taruwa. Alamarta ita ce wadda kika gani: launi yana rinewa, fuska tana komawa irin ta kowace kyanwa. Ni ƙa'idata, gyara biyu ko uku. In bai yi ba, sai in buɗe sabuwar hira, in ɗora wanda ya fi kyau tare da ainihin hoton, in nemi abu ɗaya tak:

```
Change only the whiskers: two per side, as thick as the outline. Keep everything else the same.
```

Ko da haka ba a ba da tabbaci. Gaskiyar magana, ƙananan gyare-gyare irin na gashin baki da hannu ya kamata a yi su, minti biyar ne ga mai zane.

Ummi: Ni dai ina ganin gashin bakin shi ne kyan mage. Kar a rage da yawa don Allah.

Baba Iro: 'Yata, bari in yi miki lissafi ki gani. Hajiya, duba bayanan hoton, nawa ne girmansa?

Maman Hanifa: An rubuta 1024 × 1024.

Baba Iro: Yawwa, haka yawancinsu suke fitowa. Murfinki milimita 40 ne. In gashin bakin kaurinsa fiksel 3 ne, wato ɗigon hoto 3, a cikin 1024, idan aka matse hoton ya koma milimita 40, zai zama kusan kashi ɗaya cikin goma na milimita. A sitika zai fito kamar karce, a leda kuwa ko dai ya ɓace ko ya tsittsinke. Ni a leda ba na son layin da ya gaza rabin milimita. In a wannan girman za a buga, rabin milimita na nufin fiksel 13 a hoton nan. Shi ya sa gara guda biyu masu kauri a kowane gefe da guda shida sirara.

Girman kansa ya isa sitika. Muna buga aiki mai kyau a ɗigo 300 cikin inci, 1024 ke nan zai ba da kusan santimita 8 da rabi. Murfi santimita 4 ne, akwai rara. Amma ranar da kika ce a yi miki bana mai faɗin mita ɗaya don baje koli, kowane fiksel zai kai kusan milimita guda, gefen layukan zai yi haƙora kamar zarto ga wanda ya matso kusa.

Nura: Ai akwai manhajojin ƙara girman hoto, Baba. Ka ninka shi sau huɗu, shi ke nan.

Sadiq Mai Zane: Suna taimakawa, Nura, ban musa ba, in ana sauri ni ma ina yi. Amma tambari bekta ake mayar da shi, zanen da aka gina da layuka maimakon ɗige-ɗige, wanda za a buga a hatimi ko a jikin mota bai fashe ba. Rubuta `vector` a umarni ba ya sa ChatGPT ya ba ka bekta, kamanninsa kawai zai kwaikwaya, fayil ɗin PNG ne dai. Ana juyawa da Inkscape, kyauta ne, a `Path > Trace Bitmap`. A shagunan ɗab'i kuma CorelDRAW suka fi amfani da shi, nasa sunansa PowerTRACE. A nan amfanin launi uku yake sake fitowa: zane mai launi uku tsaf yake juyuwa, mai inuwa da gashi kuwa sai ya farfashe ya zama ɗaruruwan gutsattsari. Bayan an juya sai a bi da hannu, a daidaita da'irar, a mayar da farin ya zama fari na gaske, a gyara gashin bakin.

A nan ne kuma za a sa rubutu. Anti, wannan ita ce amsar tambayarki ta Ƙ. Manhajar zana haruffa take yi kamar yadda take zana kunne, kuma Ƙ, ɗ, ɓ ba su da yawa a abin da ta saba gani, sai ta mayar da su K, d, b, ko ta ƙirƙiro wata ƙugiyar da babu ita. Ko ta dace sau ɗaya, ba ki da sunan salon rubutun da za ki sake amfani da shi a kwali ko rasit. Ki sa a rubuta da font na gaske. Noto Sans da Andika duka suna da haruffanmu kuma kyauta ne. Kafin ki zaɓi wani salon, ki rubuta "Ƙamshi ɗaya ɓawo" da shi. In kika ga akwati a gurbin harafi, ko harafin ya bambanta da 'yan'uwansa, babu shi a ciki.

Baba Iro: Kuma in za a turo mini, a mayar da rubutun zane tukuna, `Convert to Curves`, don kada kwamfutata ta musanya shi da wani. A turo ta `Document` a WhatsApp, ba a matsayin hoto ba. A bar mini rarar jan launin milimita 2 ko 3 a bayan inda wuƙa za ta yanka.

Zainab: Sannunku da ƙoƙari. Ni tambayata ta mallaka ce, domin na bi wa yayata rajistar kayanta. Hajiya, in kin yi rajistar sunan kasuwanci a CAC, wannan bai rufe tambari ba. Alamar kasuwanci ofishinta daban ne, a ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya, kuma aji-aji ake yi. Turare yana aji na 3. Rajistar farko shekara 7 ce, bayan nan ana sabuntawa duk shekara 14.

Haƙƙin mallakar zanen shi ne inda ake ta kai-kawo. A Amurka, ofishinsu na haƙƙin mallaka ya fitar da rahoto a Janairun 2025 cewa rubuta umarni kaɗai bai isa ya sa mutum ya zama mai zanen ba, amma abin da mutum ya ƙara da hannunsa ana iya kare shi. Wannan dokar can ce, ba tamu ba. Duk da haka ni a ganina dalili ne na a bar mai zane ya sa hannu sosai, kuma ki ajiye ainihin hoton Kwalli da matakan da aka bi, ki karɓi takarda daga mai zanen cewa aikin naki ne.

Nura: To ni a nan nake da ja. In dai sai an kai wa mai zane a ƙarshe, mene ne amfanin AI ɗin? Mutane don su huta da kuɗin dizaina suke zuwa gare shi.

Maman Hanifa: Ni dai ya yi mini amfani, Nura. Bara na kai wa wani mai zane, na yi ta kwatance har na gaji, ya kawo mini kyanwar da ya samo a intanet ya ɗiga mata baƙi a ido. Kuɗina suka tafi, kunya ta hana ni cewa ba ta yi ba. Yanzu kuwa zan miƙa hoto in ce wannan nake so, a tsabtace shi kawai.

Nura: Wannan haka ne. Amma wanda sitika kaɗai zai buga, ni har yanzu ina ganin PNG ɗin ya ishe shi.

Baba Iro: Sitika kaɗai, ƙarama, ya isa, na yarda. Sai dai ban taɓa ganin wanda ya tsaya a sitika kaɗai ba in kasuwa ta buɗe.

Sadiq Mai Zane: Anti, kafin ki kashe ko sisi, yi gwaji biyu da na biyun nan. Ki sa shi a hoton WhatsApp, ki dube shi daga wayar Hanifa a jerin sunaye inda yake ƙarami kamar ƙwayar gyaɗa. Sannan ki kai shagon hoto-kwafi a buga miki shi baƙi da fari a santimita 4, ki yanka da almakashi ki ɗora a murfi, ki ajiye kwalbar a kan kanta, ki ja da baya taku uku.

Maman Hanifa: Na yi duka biyun yau da la'asar. A WhatsApp tabon ya fito raɗau, an gane ta. A takarda ma haka, amma tsagar kunnen ta ɓace, sai na kawo murfin dab da ido nake ganinta. Sannan a baƙi da fari, jan da'irar da baƙin layin gefe sun haɗe sun zama abu ɗaya, ban san ko hakan laifi ba ne.

Baba Iro: Ba laifi ba ne, alheri ne. Yana nuna miki cewa a leda tawada ɗaya ta isa: da'ira mai duhu, kyanwar ta zama farin ledar kanta, tabo da hanci da ido su ɗauki launin da'irar. Farar leda za ki saya ke nan.

Sadiq Mai Zane: Tsagar kuma a ninka girmanta, ko fiye. A katun ana ƙara wa alama gishiri don ta rayu idan an ƙanƙanta. Turo mini na biyun ta `Document` in gwada miki girma biyu ki zaɓa.

Maman Hanifa: Ga shi nan na turo. Amma don Allah kar ta yi yawa har a ɗauka wani ne ya yanke mata kunne, a wayar ƙarfe ta maƙale tana 'yar wata biyu. Maigida kuma ya ce sai Juma'a zai ga malamin, saboda haka ka yi mini har da wancan marar idon, in riƙe su duka biyun kafin nan.